Kyamara uku daga Agadas: wace iri ce kowace, kuma wane baki gare ta?

Laminu Birni: Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawara kafin in tura kuɗi. Wani mai kayan gwanjo a Agadas ya aiko mini hoton kyamara uku, yana son jika arba'in duka. Ga hotunan nan na saka. Ta farko ya ce sunanta "Pentax 1000", ta biyu baƙar Nikon ce mai babban gilashi, ta uku ƴar ƙaramar Lumix. Ni abin da nake bi gilashin ne. Da Sony a6000 nake ɗaukar biki da suna, ina son in samu tsohon gilashi mai buɗewa sosai in ɗaura mata. In na san bakin kowace, wato wurin da gilashi ke ɗauruwa a jikinta, sai in sa a taho mini da adafta daga Kano tare da kayan yayana ranar Laraba. Shi mai kayan bai san komai a kansu ba, a cikin dila ya same su.

Abdu Zango: Wa alaikumus salam. Wannan ai mai sauƙi ce. Pentax 1000 ita ce K1000, ta fim ce, bakinta K. Ka sa a sayo maka adaftar da aka rubuta PK-NEX a jikinta, wato daga bakin K na Pentax zuwa na Sony ɗinka, shi ke nan. Ga ma maɓallin cire gilashin nan baƙi a gefen baki, ana ganinsa a hoton. Nikon ɗin kuwa babbar kyamara ce mai madubi, bakin F, Nikon ba su taɓa canza baki ba. Lumix ta aljihu ce, ba a cire mata gilashi, ka bai wa yara.

Habsu Foto: Laminu, kar ka yi sauri. Ni ma bara haka na yi. Na ga an rubuta 49 a gaban wani gilashi, na ɗauka girman bakinsa ke nan, na yi wata guda ina neman adafta mai 49. Ashe faɗin zoben gaba ne, inda ake ɗaura marfi da matatar haske. Ba ruwansa da bayan gilashin ko kaɗan. Ka jira Baba Ilu ya gani.

Abdu Zango: Hajiya, naki daban ne. Nan suna ne a fili, Pentax 1000.

Baba Ilu Mai Hoto: Salamu alaikum. Yanzu na dawo daga masallaci na ga hotunan. Abdu, ɗana, ka yi daidai da ka ce ta fim ce. Ga hannun jan fim a sama wajen babban yatsa, ga ɗan marikin naɗe fim a ɗaya gefen. Waɗannan biyun in suka haɗu a jikin aparai, to pelikil take ci. Amma maganar baki, a nan nake da ja.

Kamfanin Asahi sun yi aparai biyu masu 1000 a sunansu. Akwai SP 1000, akwai K1000 da ta fito a 1976. Daga nesa kamar Hasan da Usaini suke, jiki ɗaya, tsayi ɗaya, dukansu babu hannun nan na gaba da mutum ke ja ya ruga ya shiga hoto. Sai dai SP 1000 bakinta na murɗawa ne kamar marfin kwalba, shi ake kira M42. K1000 kuma bakinta mai kunnuwa uku ne, ka saka ka ɗan juya ya yi ƙas. Gilashin wannan ba ya shiga waccan haka kawai.

Laminu, buɗe hoton farko ka faɗaɗa shi. Abu uku na gani. Saman ƙololuwar da aka rubuta ASAHI PENTAX sumul yake, babu mazaunin filasha, alhali K1000 da mazauninta take zuwa a manne. Sannan K1000 sunanta a gaba yake, manyan baƙaƙe, ba ya ɓuya, nan kuwa gaban fayau yake. Na uku shi ne maɓallin da Abdu ya gani.

Abdu Zango: To Baba, in ba na cire gilashi ba ne, na mene ne?

Baba Ilu Mai Hoto: Dubi gefen da yake. In kana fuskantar aparai, wannan yana hannunka na dama, a sama, a jikin akwatin madubi. Na K1000 yana hannun hagu, can ƙasa, manne da zoben bakin. Wannan da kake gani na auna haske ne. Sama ake tura shi, sai ramin gilashin ya tsuke, allurar da ke cikin maleƙa ta motsa. In hoton ya fito da kyau za ka ga an rubuta SW a wurin. Na riƙe irinta shekaru a shagon maigidana a Zango, yatsana ya san wurin ko a cikin duhu.

Laminu Birni: Allah ya ƙara girma Baba. Na faɗaɗa, akwai wasu baƙaƙe biyu a wurin amma sun dushe. Wato M42-NEX zan sa a sayo?

Baba Ilu Mai Hoto: Tukuna. Abin da na faɗa maka na jikin aparai ne, kai kuwa gilashi kake so, gilashin kuma da marfinsa a rufe aka ɗauke shi. Ka ce masa ya ƙara maka hoto huɗu a waje cikin inuwa, ba a cikin shago ba: ɗaya daga sama, ɗaya daga baya, ɗaya na gaban gilashi babu marfi yadda rubutun zoben zai karantu, na ƙarshe kuma bayan gilashin in ya cire shi. Haka zai yi wa kowace ɗaya cikin ukun.

Sani Tela: Salam. Tun da ana maganar kyamara, tawa Canon ce, tana rubuta Card error tun bayan Sallah. Wane baki ne zai dace da ita?

Habsu Foto: Malam Sani, naka matsalar katin ajiya ne, ba baki ba. Ka duba ɗan makullin gefen katin ko ya sauka, in bai yi ba ka gwada wani katin. Ka buɗe wata maganar daban, za mu taya ka.

Injiniya Mutari: Ina so in koma kan Nikon ɗin kafin mai kaya ya amsa. Abdu, ni ban ga alamar ana cire mata gilashi ba. A hoto na biyu rubutun zoben ya ɗan fito, na karanto 42X da kuma 4.3-180mm. Wannan rubutun Coolpix P510 ne. Siffar manya gare ta, ga ƙololuwa ga mariƙi, amma a gida ɗaya take da na aljihu, gilashinta a haɗe yake da jiki har abada.

Lambar farko ita ke tona asiri. Gilashin da ke farawa daga 4.3 an yi shi ne don ɗan mitsitsin allon ɗaukar hoto, wanda bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Gilashin da ake sayarwa tare da Nikon masu madubi 18-55mm ake rubuta masa. Naka na a6000, Laminu, 16-50 ne ko? To in ka ga zum ya fara daga 4 ko 5 ko 6, kuma ana taƙama da 30X ko 42X a jiki, kusan ko yaushe ba mai cirewa ba ne. Ka kuma duba gefen gilashin, babu maɓallin saki, babu ɗigon da ake daidaitawa wajen ɗaurawa.

Abdu Zango: Na yarda da wannan, ban faɗaɗa hoton ba. Amma maganar cewa Nikon baki ɗaya gare su, wannan ina nan a kanta. Tun 1959 suke kan F.

Injiniya Mutari: Rabi ka faɗa. F ya daɗe, gaskiya ne, tun 1959, kuma duk masu madubinsu a kansa suke. Amma a 2018 sun fito da bakin Z don marasa madubi, ya fi F faɗi nesa ba kusa ba. Sunan kamfani shi kaɗai ba ya gaya maka baki. Canon ma haka: AE-1 ta fim bakinta FD, da suka fito da EOS a 1987 suka koma EF, kuma gilashin FD ba ya hawa EF kai tsaye.

Habsu Foto: Ni akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai. Ana cewa "marar madubi" kamar wani jinsi ne daban. To ita ƴar aljihun ai ba ta da madubi, wayata ma ba ta da shi. Me ya sa ba a kiransu haka?

Injiniya Mutari: Sunan ne ya gaza, Hajiya. Masu sana'a in sun ce marar madubi suna nufin abu uku a haɗe: ta zamani ce ba ta fim ba, ana cire mata gilashi, kuma in ka cire allon ɗaukar hoto kake gani tsirara, babu madubin da ya jingina a gabansa. In ɗaya ya faɗi, sunan ya faɗi.

Baba Ilu Mai Hoto: Ni dai wannan rabon gida uku da kuke yi, ta fim da mai madubi da ta aljihu, bai taɓa kwanta mini ba. A zamaninmu akwai ƴan aljihu masu cin pelikil, cike suke da gari lokacin Sallah, kowa da tasa. To ita wannan ina za ku sa ta, aljihu ko fim? Tambaya biyu ce kuke haɗawa wuri ɗaya. Ta farko, me take ci, pelikil ko kati. Ta biyu, gilashinta yana fita ko ba ya fita. Ka amsa su ɗaya bayan ɗaya, sai sunan ya zo da kansa.

Injiniya Mutari: Haka ne Baba, amma a kasuwa yau in yaro ya ce "ta aljihu" ta kati yake nufi.

Baba Ilu Mai Hoto: Yaron ne yake nufin haka. Mai dila a Agadas ba ya nufin komai, abin da ya gani yake faɗa.

Laminu Birni: Ya turo na Pentax ɗin. Ga su. A sama kusa da marikin naɗe fim an rubuta SP 1000 ɓaro-ɓaro. Baya babu allo, ƙofa ce baƙa kawai. Zoben gaba kuma: SMC TAKUMAR 1:2/55. Amma ya ce ya danna maɓallin nan har yatsansa ya yi zafi gilashin ya ƙi fita, yana tsoron kar ya karya.

Baba Ilu Mai Hoto: Alhamdu lillahi. Ka ce masa ya rabu da maɓallin, ya mayar da shi ƙasa. Ya kama gindin gilashin, ba zoben da ke juyawa don saita nisa ba, ya murɗa hagu kamar yana buɗe kwalbar man shanu. Zai zaga kusan sau uku kafin ya fita. In ya yi tauri ƙura ce ta shiga zaren, ya sa tsumma ya riƙe, kada ya kusanto da filaya.

Sunan ma ya isa shaida. Takumar na wancan zamanin na murɗawa ne. Da suka koma bakin K a 1975 sai suka riƙa rubuta SMC PENTAX a zoben. Akwai wasu ƴan kaɗan daga baya masu sunan Takumar da aka ƙara musu kalmar BAYONET, su K ne, shi ya sa nake son ganin bayan duk da haka.

Abdu Zango: To na sha kaye a wannan Baba, Allah ya ƙara sani. Amma tsakani da Allah da SP ɗin ba ta fito ba, da har yanzu ina kan K. Ni na taɓa ganin K1000 da Takumar a jikinta da idona, wajen wani a Sabon Gari.

Baba Ilu Mai Hoto: Ba ƙarya ka gani ba. Akwai wani siririn zobe da Pentax suka yi, yana nutsewa cikin bakin K ya mayar da shi na murɗawa, daga waje ba ka ganinsa sam. An yi shi don waɗanda suka tara tsofaffin gilasai kada su yi asara. Shi ya sa bakin aparai daban, bakin gilashi daban, kowane sai an gan shi.

Laminu Birni: Ya fita! Ga hoton bayan. Zare ne zagaye kamar na famfo, babu kunnuwa, sai wani ɗan tsinke guda da ya leƙo.

Injiniya Mutari: M42 ke nan babu tantama. Faɗin zaren milimita 42, daga nan sunan ya fito. Tsinken nan shi kyamara ke turawa lokacin ɗauka don ramin gilashi ya tsuke zuwa lambar da ka zaɓa. A kan Sony babu mai tura shi, don haka ka gaya wa mai sayo maka ya leƙa cikin adaftar, ya zaɓi mai ɗan dakali a ciki wanda zai danne tsinken in an murɗa gilashin har ƙarshe. In ba a samu ba, akwai makunni a gefen gilashin mai AUTO da MAN, ka kai shi MAN. Kada ka tilasta makunnin nan gilashi yana hannu, a irin SMC yana kulle ne sai an ɗaura shi.

Kuma kar ka tsorata in ka ga adaftar da kauri kamar gwangwanin tumatir ƙarami. Kowane baki yana da tazarar da aka ƙayyade tsakaninsa da inda hoto ke sauka. Na M42 milimita 45 da rabi ne in an cike, na Sony ɗinka 18. Adaftar ba komai ba ce illa bututun da ke cike ragowar, wajen 27 da rabi. Babu gilashi a cikinta.

Habsu Foto: To Injiniya, ni da nake da Nikon D3200 fa? In Laminu ya ba ni aro zan iya ɗaurawa?

Injiniya Mutari: Zai ɗauru da zobe, amma ba zai yi miki aikin da kike so ba. Tazarar bakin F milimita 46 da rabi ce, ta riga ta wuce ta M42 da milimita guda tun kafin a sa zobe. Gilashin zai zauna nesa da inda ya kamata. Fuskar amarya a kusa za ta fito tsaf, amma ki juya ki ɗauki ƙofar fadar Sarki daga bakin fili, ba za ta taɓa fitowa sarai ba, ko kin murɗa zoben har ƙarshe. Akwai adafta mai ɗan gilashi a ciki da ke gyara wannan, sai dai tana rage kyan hoton, musamman in an buɗe rami duka.

Wannan tazarar ma tana taimakawa wajen gane kyamara daga hoto. Ki duba saman D3200 ɗinki, akwai wata ƴar alama, da'ira da layi ya ratsa ta. Nan ne daidai inda allon yake a ciki. Ki kwatanta nisanta da bakin, sannan ki dubi ta a6000 ɗin Laminu. Taki nisa ne sosai saboda madubi na buƙatar wurin tashi, tasa kuwa ko faɗin babban yatsa bai cika ba. Hoto ɗaya daga sama ya isa ya raba miki mai madubi da marar madubi.

Habsu Foto: Na gan ta wallahi, shekara huɗu ina riƙe da kyamarar nan ban taɓa lura da alamar ba.

Laminu Birni: To saura Lumix. Bai turo nata ba, ya ce yaronsa ya fita da ita. Hoton farko kawai gare mu, shi ma daga gefe.

Abdu Zango: Ni har yanzu ta aljihu nake gani. Dubi ƙanƙantarta kusa da Pentax ɗin, ko maleƙa ba ta da shi.

Injiniya Mutari: Ƙanƙanta ba hujja ba ce a nan. Panasonic sun yi ƴan GF, marasa madubi ne masu bakin Micro Four Thirds, wasunsu sun kai ƴan aljihu ƙanƙanta, kuma babu maleƙa. In aka ɗaura musu siririn gilashin nan 14mm sai ka rantse a haɗe yake. Suna kuma da ƴan LX masu kama da su, waɗanda gilashinsu ba ya fita. Ni a hoton kamar ina ganin wani kumburi a dama da gilashin, inda maɓallin saki yake zama.

Abdu Zango: Inuwar madaurin wuya ce, Injiniya. Ka duba yadda ta miƙe har ƙasa.

Injiniya Mutari: Zai yiwu. Rubutun zoben ne zai raba mu. In ya karanto LUMIX G da lamba kamar 14 ko 14-42, tawa ce. In lambar ta fara daga 5 ko ƙasa da haka, taka ce.

Baba Ilu Mai Hoto: Wannan ta zamaninku ce, na bar muku. Laminu, ni abin da ya rage mini a kan Takumar ɗin ne. Ka ce ya haska fitilar waya ta bayansa ya ɗauko maka ta gaba, ramin a buɗe. Ƴar ƙura ba komai, duk gilashin da ya sha hunturu a ƙasar nan yana da ita. Amma kayan dila daga bakin teku suke zuwa, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo a ciki, danshi ne ya ci shi, ka rage kuɗi sosai ko ka bari. Ya kuma danna tsinken nan da farce yana kallon ramin, ya ga ko yana tsukewa nan take yana komawa. In yana jan jiki, mai ya malala a kan ganyayyakin.

Laminu Birni: Na tura masa saƙon, Baba. In gilashin lafiya lau ne, 55 ɗin a kan tawa kamar nawa zai zama?

Injiniya Mutari: Ka ninka da ɗaya da rabi, wajen 82. Na ɗaukar fuska da kafaɗa ne, ba na taron ɗaki ba, sai ka ja baya sosai kafin mutum uku su shiga. Da hannu za ka riƙa saita nisa. Kuma ka shiga saitin kyamarar ka kunna Release w/o Lens, in da Faransanci take ka nemi Déc sans obj., in ba haka ba za ta ƙi ɗauka don ba ta jin akwai gilashi a jikinta.

Laminu Birni: Madalla. Na kira yayana, M42-NEX mai dakali zai nemo. Na ce wa mai kayan jika arba'in ta yi yawa tun da Nikon ɗin ba ta da amfani a wurina, na taya Pentax ita kaɗai. Ya ce ba ya rabawa, sai dai in jira yaron ya dawo da Lumix gobe mu ga abin da aka rubuta a zobenta.

Habsu Foto: In ta fito GF ce kuma ba ka so, ni ina so. Ka saka hoton nan da zarar ya turo.